Sunan da Ba Ya Fita Bakin Tasallah

Tasallah ta haifi ɗa namiji, ta goya shi, ta yaye shi, ta ga ya yi gemu, amma ko sau ɗaya sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba ƙiyayya ba ce. Ɗan fari ne, kuma a ƙauyensu na bakin ruwa, can tsakanin Illo da Lolo, macen da ta san kanta ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yaba shi, in ya faɗi ya fasa gwiwa sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi. Tasallah kuwa ba ta iya yin abu rabi da rabi ba, don haka ta yi kunyar nan har ta fi waɗanda suka koya mata.

Sunansa Bunyaminu. Ni zan faɗa, tunda ba ni na haife shi ba. Ita dai Na-Tsohuwa take ce masa, saboda uwar mijinta ce ta karɓe shi bayan yaye, ya tashi a ɗakinta. In ma maganar ta yi kusa da yawa, sai ta ce "wancan", kowa ya gane.

Sana'arta bandar kifi. Mijinta Audi masunci ne, shi zai kamo, ita ta gyara, ta lanƙwasa tarwaɗa ta jera a kan raga, ta zauna da hayaƙi har idanunta su yi ja. Ranar kasuwa ta ɗora kwando ta tafi. An san kifinta har a wancan gefen iyaka, wanda ita har yau Dahomi take ce masa, ko da yake 'yan zamani sun daɗe da komawa cewa Benin. Mace ce mai tsabta da tsare gida, mai gaisuwa kamar ba za a rabu ba. In ka haɗu da ita a hanya kana sauri, ka yi asara, domin sai ta tambayi gidanku kaf, har da wanda ya yi tari bara.

Duk wannan gaisuwar, mutum ɗaya ne ba ya samun ko ƙwaya daga ciki. Bunyaminu zai dawo daga ruwa tare da ubansa, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wuta. Tsokar da ta fi kyau ita take ware masa, amma sai ta ba ƙanwarsa Mariyamu ta kai, ta ce a ce daga tsohuwa ne. Yana sane da al'adar, ba baƙo ba ne. Sai dai sanin al'ada daban, abin da zuciya ke so daban, kuma shi yaro ne mai shiru, irin masu ajiye abu a ciki.

Da Audi ya rasu, bayan an share makoki, Bunyaminu ya zo ƙofar ɗakinta da rana tsaka ya tsuguna. Mata na zaune a tsakar gida. Ya ce abokansa za su haura su can gaba da Malanbil, a wancan gefen iyaka, inda aka ce akwai kifi, sun ce ya zo. Sannan ya ɗago kai ya dube ta, abin da bai saba ba.

"Inna, in tahi, ko in zamna?"

Abin da ke ranta a lokacin, ta riƙe rigarsa. Mijinta ya tafi, Mariyamu ta yi aure a Zagga, in shi ma ya tafi gidan ya zama ita da ganguna biyu na banda. Amma mata na kallo, kuma wace uwa ce za ta ce wa ɗan fari zauna, ina bukatarka? Ta dubi bango ta ce, "Yadda kag gani." Ya jima a tsugune, sannan ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa.

Da farko yakan kira mijin Mariyamu a waya. Bayan gaisuwa yakan ce, "Inna ta tambaye ni?" Mijin Mariyamu mutum ne da bai iya ƙarya ba, ko irin ƙaramar nan da ke gyara zumunci, sai ya ce lafiyarta lau. Kiran ya riƙa jinkiri. Daga baya lambar ta daina shiga. Aka ce ya canza layi, aka ce ya yi gaba, aka ce an gan shi wajen Karimama. Tasallah ba ta tambayi kowa ba. Tana dai kasa kunne a kasuwa, in ta ji fatake daga can suna hira sai ta ja kwandonta kusa da su kamar inuwa take nema.

Shekaru suka wuce a haka. Ta koma sayen ɗanyen kifi a hannun wasu tana banda. Jirgin Audi yana kife a bayan gida, kaji na kwana a ƙarƙashinsa, an taya ta ƙi sayarwa, ba ta kuma faɗi dalili ba. Tana dafa tuwo kaɗan a ƙaramar tukunya, ta ci ita kaɗai tana fuskantar ƙofa. Kewa ta yi mata yawa, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa, domin abin da take kewar shi ne abin da ba ta da izinin ambata.

Wata damina zazzaɓi ya kayar da ita. Ruwa ya cika hanya, kowa na ta kansa, ta yi kwanaki a kwance ba wanda ya leƙo sai maƙwabciyarta Ni'ima. A kwancen nan ne wani tunani ya zo ya zauna mata a ƙirji ya ƙi tashi. Ba mutuwar ta ji tsoro ba. Ta ji tsoron ta mutu yaron nan yana can yana zaton ba ta taɓa sonsa ba, kuma ba wanda zai gaya masa gaskiya, tunda ba wanda ya sani.

Ni'ima 'yar ƙawarta ce, matar aure mai 'ya'ya, mai sayar da atamfa da leshi da ake kawowa daga Kwatano. Ba ta da shago. Shagonta wayarta, takan ɗauki hoton kaya ta sa a Fesbuk, mata su yi ta tambaya daga Bagudo har Birnin Kebbi. Bakinta ba ya ajiye magana, amma tana da kirki. Da Tasallah ta warware, ta same ta da hantsi tana ɗaukar hoton wani zane a kan igiya, ta gaishe ta gaisuwar da ta isa mutum uku, sannan ta zauna tana murza bakin zanenta.

"Ni'ima, abin ga naki, shina kai har Dahomi?"

"Gwaggo, shina kai har inda ba ki zato. Mi za a saisuwa?"

"Ba saisuwa ba. Cigiya. Wancan nika so a gaya ma saƙo."

Ni'ima ta ajiye zanen. Ba ta tambayi wane wancan ba. Ta ce akwai zaurukan masunta da na 'yan kasuwar iyaka a Fesbuk, inda mutane ke da yawa ƙwarai, za ta sa a can. Ta nemi hotonsa. Babu. Wa zai ajiye hoton ɗan fari a ɗaki? Ta ce to a sa na Gwaggo, Tasallah ta ja mayafi ta rufe fuska kamar an ce za a yi mata allura. A ƙarshe suka zagaya bayan gida aka ɗauki hoton jirgin Audi, bayan an kori kajin.

Sai aka zo rubutu. Tasallah ta gyara zama ta fara faɗa, Ni'ima na dannawa. Ta yi sallama cikakkiya har da wa barakatuhu. Ta yi salati. Ta gaida al'ummar Musulmi maza da mata, na gida da na daji, na tudu da na ruwa, da fatan an yi sallah lafiya, da fatan damina ta yi albarka. Ni'ima ta tsaya ta juyo da fuskar wayar.

"Gwaggo, duba nan. Kin ga rubutun wanga mutum? Layi biyu zuwa ukku, sai anka yanke shi, anka sa wasu 'yan kalmomi na Turanci."

Ta nuna mata inda aka rubuta See more da baƙi-baƙi a ƙarshen layi, ta ce a wayoyin mutanen can gefen Voir plus ake rubutawa, amma duk abu ɗaya ne, wato in kana son sauran sai ka taɓa. Ta ce mutane ba sa taɓawa sai abin da ke sama ya riƙe su. Yatsa gudu yake yi, mutum yana tura rubutu sama yana cin gyaɗa, abin da idonsa ya kama a layin farko shi ke nan. In rubutu na tare da hoto ma, wurin da ake bar masa a sama bai taka kara ya karya ba. Ita da kanta ta daina fara tallarta da sallama, sunan zane da inda ya fito take sawa a gaba, gaisuwa ta biyo baya.

Tasallah ta dube ta kamar ta ce tana cin abinci da hagu. "Ki shiga taron mutane ba sallama? Ke ɗiyar wa ta? Ni ba a yi mani wagga tarbiyya ba."

"Sallamar tana nan, Gwaggo, ƙasa za ta komawa."

"Sallama ba ta komawa ƙasa."

Haka aka sa shi. Can ƙasa, bayan gaisuwa da addu'a, aka rubuta cewa wata baiwar Allah daga wajen Illo tana cigiyar wani nata da ya tafi su. Sunan ma Tasallah ta hana a sa, ta ce tunda maganar da bakinta aka yi ta, sa sunan daidai yake da ta faɗa, kuma matan gari duk 'ya'yansu na karanta musu abin da ke cikin waya.

Rubutun ya samu karɓuwa, in karɓuwa ita ce a amsa sallama. Mutane suka yi ta rubuta wa alaikumus salam. Wasu suka ce amin, wasu suka ce Juma'a mai albarka, wani ya tambaya ko jirgin na sayarwa ne. Ni'ima na karanto mata, Tasallah na gyaɗa kai tana jin daɗi, ta ce ashe har yanzu akwai masu tarbiyya a duniya. Sai da aka kai ƙarshe ta lura ba wanda ya ce uffan game da cigiyar. Ta koma gida ta hura wuta, ta zauna a gaban ganga har kifin ya kusa ƙonewa.

Ranar kasuwar Lolo ta haɗu da Sambo, wani mai jirgin inji da ke jigilar kaya da mutane zuwa Malanbil, abokin Audi ne na ƙuruciya ko da yake ya girme shi da kaɗan. Ya ce ai ya ga jirgin marigayi a waya, ya gane shi da facin da ke gefensa, har ya yi masa addu'a. Tasallah ta yi ƙarfin hali ta ce, bai karanta abin da ke ƙasa ba? Sambo ya ce, "Akwai wani abu ƙasa? Ni na aza gaisuwar Juma'a ta." Mutumin da yake ratsa ruwan nan kullum, wanda ya fi kowa damar sanin inda yaron yake, ya ga rubutun da idonsa ya wuce.

Ta koma wurin Ni'ima ba tare da dogon bayani ba. Ni'ima ba ta ce ai na gaya miki ba, ko da yake an ga maganar tana yi mata ƙaiƙayi a baki. Ta ce gyara tsohon rubutun ba zai yi amfani sosai ba, ya riga ya nutse a ƙarƙashin sababbi, gara a yi sabo. Suka yi ciniki kamar na kifi. Tasallah ta yarda a sa sunan a sama, da sharaɗin maganar ta zama ta Ni'ima ce, kada a nuna ita ta sa. Aka rubuta: "Ana cigiyar Bunyaminu Audi, masunci ɗan wajen Illo. Duk wanda ya san inda yake ya taimaka ya kira wannan lamba." Can ƙasa, inda sai an taɓa ake gani, Ni'ima ta saci hanya ta ƙara cewa mahaifiyarsa ce ke son jin muryarsa.

Wannan karon abin ya tafi. Aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure. Wasu suka ɗauki hoton fuskar wayarsu da rubutun a kai, suka watsa a Watsaf, inda masunta suka fi zama. Tasallah ta shiga wani hali da ba ta saba ba. In ta ji wayar Ni'ima ta yi ƙara ta bayan katanga sai ta tsaya cak da kifi a hannu. Kira ya zo daga masu cewa sun san wani Bunyaminu mai gyaran babur, da masu son su san ko akwai tukuici. Nasa bai zo ba.

Sambo ne ya kawo amsa, da ƙafarsa, wata rana da la'asar. Ya zauna a kan turmi a tsakar gidan Tasallah, Ni'ima ta shigo da goyo ta tsaya. Ya ce ya bi sawu ya samu yaron, yana wani sansanin masunta gaba da Karimama, lafiyarsa lau, ya yi ƙiba ma. Tasallah ta ce alhamdu lillahi tana kallon ƙasa. Sambo ya gyara zama kamar mai ɗauke da saƙon da ba ya son sauke shi, sannan ya ci gaba.

"Ya ga cigiyar tun kahin in kai. Wani yan nuna mashi ga waya. Yac ce in gaya ma masu nemanai, in rabon gado na, ya bar ma Mariyamu. In kau rasuwa anka yi, a gaya mashi kai tsaye."

"Ba ka ce mashi Gwaggo ta ba?" in ji Ni'ima.

"Na ce. Yay yi murmushi. Yac ce, Baba Sambo, kai dai kana son gyara zance. Rubutun cewa yay yi ana cigiya. Ana. Inna ba ta neman mutum."

Ni'ima ta buga cinya. Ta ce ai ta rubuta a ƙasa, ta rubuta mahaifiyarsa ce. Sambo ya ciro wayarsa ya nuna abin da yaron ya gani. Hoton fuskar waya ne, an tura an sake turawa har ya dushe. Ga jirgin, ga layukan farko, ga Voir plus a ƙarshe. Ni'ima ta sa yatsa ta taɓa kalmomin don saba, ba abin da ya buɗe. Hoto ne, ba ya buɗewa. Abin da ke sama shi kaɗai ya haye ruwa, sauran ya tsaya a gida.

Bayan sun tafi Tasallah ta zauna a inda suka bar ta. Inna ba ta neman mutum. Ba da fushi ya faɗa ba, in ji Sambo, da murmushi, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani, irin a ce ruwa na gangarawa Yawuri. Wannan ya fi yi mata ciwo. Da zagi ya aiko da ta samu abin riƙewa. Ta tuna duk tsokar da ta aika da sunan tsohuwa, da duk asubar da ta tsaya a bayan zana tana kallon jirginsu har ya ɓace, ta tabbatar ba wanda ya gan ta. Ta ɓoye abin da kyau ƙwarai, har wanda aka yi domin shi bai gani ba. Ta yi kuka a ranar, ita kaɗai, tana yi tana jin haushin kanta.

Da safe ta shiga gidan Ni'ima. A karo na farko a rayuwarta ta yi sallama ɗaya tak ta zauna.

"Ɗauko abin. Layi nawa kika ce ana gani?"

"Biyu, in an yi sa'a ukku. Ki ɗauka biyu na."

"To sa sunan ga farko. Sannan ki ce ni ta. Ki sa sunana. Ki ce ni ka kira, ba wani ba."

Ni'ima ta dube ta. "Gwaggo, matan gari za su gani."

"Su gani."

Suka zauna a kan layin nan kamar masu tsince shinkafa. Tasallah ta so a ce tana gaishe shi, Ni'ima ta ce gaisuwar za ta cinye wurin. Ta so a bayyana cewa ba gado ba ne kuma ba rasuwa ba, Ni'ima ta ce wannan ya sauka ƙasa, in layin farko ya riƙe shi zai nemi sauran, in kuma hoto aka sake ɗauka, to abin da ba a iya rasawa ya kasance a ciki. Ni'ima ta kawo shawarar a ce tana rashin lafiya, don ya fi saurin taɓa zuciya. Tasallah ta ƙi, ta ce ta warke, kuma ba ta son ya zo don tausayi. Ta tambayi kanta, in kalma kaɗan kawai za su haye ruwan nan, waɗanne ne? Da ta samu amsar sai ta ga ashe ba su da yawa, kuma tun ranar da ya tsuguna a ƙofar ɗakinta take da su.

Ni'ima ta karanta mata abin da ya fito: "Bunyaminu ɗan Audi, ni ce Tasallah da ta haife ka. Ni ke kiranka, ba wani ba. Ka zo gida." Ba ta bar layi a banza a tsakani ba, don shi ma yana cin wuri. Da ta sa shi, ta duba a wayarta, ta karɓi ta mijinta mai ƙaramar fuska ta sake dubawa. Duka maganar ta fito a sama, yankewar ta faɗa bayan "gida". Sallama da salati da gaisuwar al'umma suna nan a ƙasa, cikakku, ga duk mai son ya taɓa. Tasallah ta saurari sunan a bakin Ni'ima, haɗe da nata a numfashi ɗaya, ta ji kamar an yaye mata mayafi a tsakiyar kasuwa.

Gari kuwa ya gani. Kafin azahar an karanta wa kowace tsohuwa. A bakin rijiya wata ta ce tsufa ya fara taɓa Tasallah, wata ta ce zamani ne, har uwa na shelar ɗan fari a waya kamar tallar sabulu. Wata sa'arta ta wuce ta a hanya ta gaishe ta a taƙaice. Tasallah, wadda duk rayuwarta ba a taɓa kama ta da abin faɗa ba, ta ji kowace kalma. Ta ci gaba da zuwa kasuwa da kwandonta. A waya kuma, in ji Ni'ima, rubutun ya yi tafiyar da ko atamfarta mafi kyau ba ta taɓa yi ba. Mutanen da ba su san kowa a cikinsu ba suna turawa, suna rubuta Bunyaminu ka amsa wa mahaifiyarka. Wani ya ce shi ma ɗan fari ne, ya karanta ya ajiye wayar ya fita waje.

Kwanaki suka shuɗe ba labari. Ta fara tunanin ta zubar da mutuncinta a banza. Kullum tana banda da kunne ɗaya a katanga.

Wata rana da hantsi tana juya kifi, Ni'ima ta shigo da gudu ba ko mayafi, tana riƙe da wayar nesa da jikinta kamar garwashi. Lambar can gefen ce. Ta danna abin da ke sa murya ta fito fili, sannan ta ga fuskar Tasallah, ta kashe shi, ta miƙa mata a kunne, ta fita ta ja ƙyauren.

Da farko iska kawai Tasallah take ji da ƙarar ruwa. Sannan muryar wani babban mutum, mai kauri, wadda ba ta sani ba, ta yi sallama. Ta amsa. Ya ce ina kwana, ta ce lafiya. Ta ji numfashinsa.

"Inna, an nuna mani wani rubutu."

"Awo."

"Na karanta shi ya hi a ƙirga." Ya tsaya. "Amma rubutu kowa na iya yi nai. Ni'ima na da kirki, na san ta tun tana ƙarama. In ita ta shirya shi don ta gyara, ba komi, na gode mata. So nikai in sani kawai."

Bai ce ta faɗa ba. Bai taɓa roƙonta komai ba tun daga waccan ranar, kuma ta gane ba zai sake ba. In ta ce ita ta sa a rubuta, zai ce to, ya yi godiya, ya ajiye wayar, ya ci gaba da zama da shakkarsa. Ta dubi tsakar gidan. Ba kowa, sai hayaƙi da kaji. Duk da haka ta ji idon uwarta da na kakarta da na matan bakin rijiya a kanta. Ta buɗe baki, harshenta ya ƙi, don bai san hanyar ba. Sunan da ta yi ta faɗa a zuci a kowace sujada, ashe a baki nauyi ne da shi. Ta sake gwadawa, ya fito a shaƙe, a karkace, kamar na mai koyon magana.

"Bunyaminu."

Shiru ya yi tsawo har ta zaci layin ya yanke, kamar yadda yake yi a bakin iyaka. Ta ciro wayar daga kunne ta duba, ba ta iya karanta komai a kai ba, ta mayar da sauri. Sai ta ji wani sauti, ta gane babban mutum ne yake ƙoƙarin kada a ji kukansa. Ya ja numfashi, ya amsa da ƙaramar murya, irin ta yaron da aka kira daga wasa, amsar da yake riƙe da ita tun yana ɗakin tsohuwa ba wanda ya ba shi wurin sauke ta.

"Na'am, Inna."